Darasi Na 9: Wasiƙar Sanar Da Kamfanin Inshora Ɓarnar Ambaliya

Kafin ku ɗauki biro, ku ɗauko takardar inshorarku, ku sa a karanta muku ko ambaliya tana ciki. Inshorar gobara kaɗai ba ta biyan ɓarnar ruwa, sai in an ƙara ta. Akwai lamba a shafin farko, ku kwafe ta harafi bayan harafi.

Wannan wasiƙa tana da kwanan wata iri biyu. Na farko, ranar da kuke rubutu, yana can sama a hannun dama. Na biyu, ranar da ruwa ya shiga shago, yana cikin jikin wasiƙa. Nan ne yawancinku ke tuntuɓe, amma ba komai, a hankali za ku saba. Ga misali:

Sabon Gari, Zariya.
16 ga Agusta, 2024.

Manaja, ranka ya daɗe,

Lambar inshorata ita ce ........ Ina sanar da ku cewa ranar 14 ga Agusta, 2024, wajen ƙarfe 2 na dare, kwalbati ta toshe, ruwan sama ya shiga shagona har ya kai gwiwa. Ya lalata shinkafa buhu 6, kowanne na saro shi ₦70,000, da sukari buhu 4 a ₦75,000, da taliya katan 10 a ₦18,000. Jimla ₦900,000.

A ranar 14 ga wata da asuba muka kwashe ruwan, muka ɗora sauran kaya a kan kanta, na ɗauki hotuna. Ranar 15 ga wata na kira wakilinku. Kayan da suka jiƙe suna nan a gefe, ban zubar ba, sai mai dubawarku ya zo. Na haɗo da kwafin rasiɗai.

Naku,
(suna da sa hannu)

Kun gani? An rubuta wasiƙar ran 16, ruwa ya shiga ran 14. Ku ɗora yatsa a kan 16. Yanzu ku ɗora a kan 14. Madalla. Kamfani yana duba tazarar da ke tsakani don ya ga ko kun sanar cikin wa'adin da takardarku ta gindaya.

Kada ku rubuta "shekaranjiya". Ma'aikacin da zai buɗe wasiƙar bayan mako guda, ina zai san shekaranjiyarku? Makon jiya na faɗa, na rubuta a allo, amma wani dattijo ya sake kawo mini "daren da aka yi ruwan nan". Haba Alhaji! Ruwa nawa ake yi a Zariya cikin Agusta? Rana, wata, shekara, duk da lambobi.

Kuɗi kuwa, farashin sari za ku sa, ban da riba. Ku riƙe rasiɗai na asali.

Aikin gida: ku rubuta taku, ku ja layi ƙarƙashin ranar da ruwa ya shiga.