Yadda na dawo da walat ɗina bayan wayata ta mutu

Wayata ta faɗa cikin bokitin ruwa a rumfata da ke babbar kasuwar Maraɗi, ba ta sake kunnuwa ba. USDT ɗina, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, suna cikin manhajar ajiya ta Trust Wallet. Abin da ya cece ni shi ne kalmomin sirri 12 da na rubuta a bayan littafin bashi tun ranar da na buɗe walat ɗin.

Na sayi sabuwar waya, na sauke manhajar daga Play Store, na zaɓi cewa ina da walat tun da, na shigar da kalmomin bi da bi. Ta ƙi karɓa. Gabana ya faɗi. Da na natsu na ga matsalar rubutuna ce. Kalmomin nan daga jeri guda suke fitowa, BIP39, mai kalmomin Turanci 2048, kuma haruffa huɗu na farko sun isa bambance kowace. Ta bakwai na karanta "brain", ashe "brand" na rubuta, tawada ta ɗan goge. Dukansu suna cikin jerin, amma kalma ta ƙarshe tana ɗauke da lissafin tantance sauran, shi ya sa aka ƙi. Wani lokaci kuskuren yakan wuce, sai walat ya buɗe fanko.

Da na gyara kalmar walat ya buɗe, sai na ga sifili. Kuɗin ba a waya suke ba, a sarƙar Tron suke, wato rajistar kuɗin da ke intanet, sai da na kunna USDT na TRC20, nau'in da ke kan Tron, suka bayyana cif. Na gwada adireshin da wanda na taɓa tura wa abokin cinikina, duk ɗaya ne.

Wani mai gyaran waya ya ce in ba shi kalmomin ya taimaka, na ƙi, domin duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin. Yanzu kalmomin suna rubuce a takardu biyu, ɗaya tana cikin akwatin mahaifiyata.