Yadda ake farfaɗo da na'urar Linux da ta tsaya a yanayin gaggawa bayan an faɗaɗa faifai

A wani ofishi da ke Wuse, Abuja, an ƙara girman faifai na biyu na wata na'urar Debian da ke aiki a matsayin baƙuwa cikin babbar na'ura, daga gigabayit 100 zuwa 200. Wanda ya yi aikin ya goge sashen /dev/sdb1 da fdisk, ya sake ƙirƙirarsa daga inda tsohon ya fara, sannan ya sake kunna na'urar. Ta yi jiran daƙiƙa 90, daga nan allo ya nuna "You are in emergency mode". Babu fayil ko ɗaya da ya salwanta. Abin da ya faru shi ne, layin /data a /etc/fstab yana kiran sashen da PARTUUID, kuma a faifai mai tsarin GPT duk sashen da aka sake ƙirƙira sabuwar lamba yake samu, don haka systemd ya nemi tsohuwar bai same ta ba.

Da farko a buɗe allon na'urar daga cikin manhajar da ke ɗauke da ita, domin SSH ba ya tashi a wannan yanayi, sannan a shigar da kalmar sirrin root. Idan aka ga "the root account is locked", sai a sake kunnawa, a danna e a allon GRUB, a ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin da ya fara da linux, sannan a danna Ctrl+X don na'urar ta tashi. Kafin a taɓa komai, ya kamata a tabbatar da wane layi ne ya jawo matsalar:

```
journalctl -xb | grep -iE "timed out|dependency"
cat /etc/fstab
blkid
```

Umarnin farko zai nuna "Timed out waiting for device" tare da lambar da aka rasa, da kuma "Dependency failed for /data". Wanda ya shigo ta hanyar GRUB sai ya tsallake shi ya wadatu da sauran biyun.

A nan ne ake buƙatar natsuwa, saboda blkid yana nuna lambobi biyu masu kama da juna a layi guda. UUID tana rubuce ne a cikin tsarin fayilolin kansa, kuma ba ta canzawa sai an gudanar da mkfs ko mkswap ko an sauya ta da gangan, ita kuwa PARTUUID tana cikin jadawalin sassan faifai ne. Idan blkid ya nuna /dev/sdb1 da UUID da TYPE="ext4", bayanan suna nan lafiya. Idan kuwa PARTUUID kaɗai ta bayyana, to ko dai sabon sashen bai fara daga inda tsohon ya fara ba, ko kuma an amsa Y lokacin da fdisk ya tambaya ko a cire sa hannun ext4. A irin wannan hali kada a kuskura a yi mkfs, domin shi ne zai shafe abin da ake iya cetowa. Gyaran fstab ma ba zai yi magani ba sai an fara daidaita sashen.

Idan komai yana nan, sai a ba da damar rubutu, a ajiye kwafin fayil ɗin, a kuma tura UUID ɗin zuwa ƙarshensa maimakon a kwafe haruffa 36 da hannu, tunda sau da yawa wannan allo ba ya karɓar liƙawa:

```
mount -o remount,rw /
cp /etc/fstab /etc/fstab.bak
blkid -s UUID -o value /dev/sdb1 >> /etc/fstab
nano /etc/fstab
```

A lura cewa alamar >> biyu ce. Guda ɗaya za ta share fayil ɗin gaba ɗaya. A cikin nano sai a goge tsohon layin, a sa UUID= gaban sabuwar lambar, a bi ta da /data ext4 defaults 0 2. Ni dai ban ga amfanin mayar da sabuwar PARTUUID ba, tunda faɗaɗawa ta gaba irin wannan za ta sake canza ta.

Kada a sake kunnawa kafin a gwada:

```
systemctl daemon-reload
findmnt --verify
mount -a
resize2fs /dev/sdb1
df -h /data
```

Idan mount -a bai ce komai ba, layin ya yi daidai, kuma resize2fs ne zai sa a ga sabon filin. Ta hanyar GRUB systemctl ba ya aiki, sai a bar shi, a fita da sync sannan reboot -f.

Wasu kan ƙara nofail a layin don kada na'ura ta sake tsayawa, amma yana da nasa haɗarin: idan faifan bai hau ba, manhajoji za su ci gaba da rubutu a cikin /data da ke kan babban faifai har ya cika, ba tare da kowa ya lura ba. A gaba kuma, growpart /dev/sdb 1 yana faɗaɗa sashen ba tare da ya canza lambarsa ba.