Kurakuran da ke mayar da Murabaha bashi da kuɗin ruwa, da yadda ake gyara su

Tun da bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021, 'yan kasuwa da ma'aikata da dama sun koma neman kaya ta hanyar Murabaha. Sai dai wasunsu na ɗaukar ta a matsayin rance ne da aka sauya wa suna, kuma da wannan fahimta suke ɓata cinikin da hannunsu ba tare da sun sani ba. Murabaha ciniki ce. Banki ne ke sayen kaya ya mallake su, sannan ya sayar maka, bayan ya faɗa maka nawa ya saya da nawa ya ɗora a kai. Wannan bambanci ne aya ta 275 a Suratul Baƙara ta tsayar, inda Allah ya halatta ciniki ya haramta kuɗin ruwa.

Mu ɗauki misalin mai neman keken adaidaita sahu a Kano. A ce dila na sayar da keken naira miliyan 3. Banki ya saya, ya ɗora ribar naira 600,000, ya sayar masa a kan miliyan 3.6, zai biya cikin wata 24, wato naira 150,000 duk wata. Kusan duk kuskuren da ake yi yana faruwa ne a 'yan kwanakin da ke tsakanin zuwansa banki da karɓar makullin keken.

Mafi yawan wanda ake faɗawa shi ne riga banki zuwa wurin dila. Mutum ya ga keke ya yi masa, yana tsoron kada wani ya ɗauke, sai ya yi ciniki, aka yi masa sallama, ya ajiye kafin alƙalami na naira 300,000, sannan ya nufi banki a cika masa sauran. To ai ciniki ya riga ya ƙullu tsakaninsa da dila, keken ya zama nasa, abin da ya rage bashi ne a wuyansa. In banki ya biya miliyan 2.7 ɗin da ya rage sannan ya karɓi fiye da haka, bashinsa ya biya masa ya ci kuɗin ruwa a kai, komai sunan da aka rubuta a saman takarda. Gyaran shi ne a koma wurin dila a warware cinikin farko da gaske, a mayar da kuɗin, sannan banki ya shigo a matsayin mai saye. Wanda bai kai ga nan ba ya tsaya a kan tambayar farashi da karɓar takardar farashin da aka rubuta da sunan banki. In banki ya nemi ajiya don tabbatar da cewa da gaske kake, a wurin banki za ka ajiye. Idan kuma ka fasa daga baya, asarar da ya yi ta zahiri wajen sayar da keken ga wani ce kaɗai zai cire, ba ribar da ya so samu ba.

Na biyu ya fi ɓuya, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Ana zuwa ofis a jera wa mutum takardu, ya sa hannu a kan duka a zama ɗaya, har da ta sayarwa, alhali keken na shagon dila ba a saya ba. Manzon Allah (SAW) ya hana Hakim bin Hizam sayar da abin da ba ya hannunsa. A ranar farko abin da ya halatta ka sa wa hannu alƙawari ne cewa za ka saya in banki ya kawo. Sai banki ya biya dila, keken ya shiga mallakarsa, ko da yana ajiye a shagon ne an ware shi da lambar injinsa, sannan a ƙulla ciniki na biyu tsakaninku. Akwai tambaya ɗaya da ke tona gaskiya: in gobara ta tashi a shagon bayan banki ya biya, kafin ya sayar maka, asarar wa ce? In amsar ita ce ta banki, ribarsa ta naira 600,000 ta halatta, domin ya ɗauki nauyin kayan. In aka ce taka ce, to bai taɓa mallakar komai ba. Ka duba kwanan wata a takardu, na sayen banki ya riga na sayar maka.

Wani lokaci banki na wakilta mai neman kayan ya je ya sayo da sunan banki. Malamai sun yarda da hakan in akwai buƙata, amma nan ƙafa ke yawan zamewa. Wakili ya sayo, ya sanar da banki kaya sun zo, banki ya sayar masa, sai sannan ya fara aiki da su. Wanda ya fito daga wurin dila ya hau titi ɗaukar fasinja ya tsallake ciniki guda. Ya fi tsafta kuɗi su tafi asusun dila kai tsaye.

Akwai kuma masu haɗa baki da dila a rubuta takardar bogi, banki ya biya, dila ya cire nasa ya miƙa sauran tsaba. Wasu kuma kayan shagonsu suke sayar wa banki su sake saye da tsada bashi, abin da malamai ke kira cinikin Ina. Duk biyun kuɗi ne aka ba da don a karɓi kuɗi da ƙari. Wanda buƙatarsa ta albashin yara ce, ko kuɗin haya, ko biyan tsohon bashi, Murabaha ba tasa ba ce, don babu kayan da za a saya. Ya tambayi banki wata hanyar. Zinare da azurfa da kuɗin ƙasashen waje ma ba a sayar da su da jinkirin biya, sai hannu da hannu.

Ana yawan cewa: "Miliyan 3 ta koma 3.6, ina bambancinsa da kashi 10 cikin ɗari a shekara?" Gaskiya ne lissafin na iya zuwa ɗaya, har bankunan kan kalli farashin rance a kasuwa kafin su yanka ribarsu. Bambancin yana bayyana ne bayan ciniki. Miliyan 3.6 ta zama farashin keke, ba ta ƙara motsi. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa ko ya sauke, naira 150,000 ce dai a wata. In keken ya lalace, mai shi ya makara wata uku, banki ba shi da ikon cewa an ƙara masa wa'adi a kan miliyan 3.8, domin ƙara bashi saboda ƙarin lokaci shi ne ainihin abin da aka haramta. Tarar jinkiri da ake gani a yarjejeniya an sa ta ne don mai hali da ke jan ƙafa, kuma bisa ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke tsara wa bankunan Musulunci ƙa'idojin aiki, sadaka ake yi da ita ƙarƙashin kulawar kwamitin malaman banki, ba ta shiga riba. Ka nemi a nuna maka layin da ya faɗi haka kafin ka sa hannu.

Wannan tsayuwar farashi tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma nan wasu ke jin haushi. Mai keke ya samu buɗi a wata na 12, bayan ya riga ya biya miliyan 1.8, ya zo ya kashe sauran yana zaton za a yafe masa rabin riba. Abin da ake bin sa miliyan 1.8 ne cif. Banki na iya yi masa rangwame don kansa, kuma sau da yawa ana yi, amma bisa ƙa'idar AAOIFI ba a sharɗanta shi tun wajen ƙulla ciniki. Saboda haka wanda yake ganin zai iya gamawa cikin shekara ɗaya ya nemi wa'adin wata 12 tun farko, ribar da za a ɗora masa za ta fi sauƙi.