Yadda Ake Gwada Manhajar Android Kafin a Sake Ta

Mu ɗauki manhajar littafin bashi ta ɗan tireda: tana rubuta wanda ya karɓi kaya, tana rage abin da ya biya, tana kuma tura bayanan zuwa sabar. Kowane matakin gwaji yana da irin kuskuren da yake kamawa, shi ya sa ake bin su a jere, daga wanda ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi zuwa wanda ke cin kwanaki.

Mataki na 1: gwada lissafi shi kaɗai

A nan ake gwajin yanki-yanki. Za ka ware ƙaramin aiki guda, ka ba shi lambobin da ka riga ka san amsarsu, ka ga ko zai dawo da daidai. Ba a buƙatar waya, a kan kwamfutarka yake gudana da JUnit.

Fara da kuɗi. Kada ka ajiye su a `Double`, domin a can 0.1 da 0.2 idan an haɗa su 0.30000000000000004 suke bayarwa. Ajiye su a matsayin kwabo cikin `Long`. Sai ka zaɓi lambar da ba ta rabuwa daidai: bashin naira 10,000 da za a biya sau uku. Kwabo 1,000,000 ke nan, kowane biya 333,333, saura kwabo ɗaya da dole ya samu wurin zama.

```kotlin
@Test
fun rabo_baya_zubar_da_kwabo() {
    val kashi = rabaBiya(1_000_000L, 3)
    assertEquals(listOf(333_334L, 333_333L, 333_333L), kashi)
}
```

Ƙara gwajin sifili, da na biyan da ya zarce bashin, da na lamba mai alamar ragi. Ka gudanar da su duka da wannan umarni:

```
./gradlew testDebugUnitTest
```

Bayan sun wuce, ɓata lissafin da gangan ka sake gudanarwa. Idan har yanzu kore kake gani, gwajin ba ya duba komai.

Mataki na 2: gwada inda sassa suka haɗu

Lissafi zai iya zama daidai, amma a samu matsala tsakanin manhaja da rumbun bayanai ko sabar. Ga misalin da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye: umarnin `LIKE` na SQLite yana ɗaukar babban harafi da ƙarami abu ɗaya ne kawai a haruffan ASCII. Mai shago zai rubuta "ɗanlami" a wurin nema, manhaja ta ce babu, alhali "Ɗanlami" na nan a rubuce. Saka sunaye masu ɗ, ƙ da ɓ a bayanan gwaji. Gyaran kuwa, ka ajiye kwafin sunan da ƙananan haruffa a wani shafi na teburin, ka riƙa nema a cikinsa.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne biya ya shiga sau biyu. Waya ta tura naira 5,000, sabar ta karɓa ta rubuta, sai sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo. Manhaja ta ɗauka bai je ba, ta sake turawa. Yanzu littafi ya nuna an biya 10,000, kuma mai shago ne zai yi asara. Da wuya ka ci karo da wannan a ofis mai intanet mai ƙarfi, sai dai ka ƙirƙire shi. MockWebServer na OkHttp yana da `SocketPolicy.DISCONNECT_AFTER_REQUEST`, wanda ke karɓar saƙon sannan ya katse layi. Abin dubawa shi ne saƙon farko da na biyu su zo da lambar shaida iri ɗaya, wadda aka ƙirƙira lokacin da aka danna maɓallin biya. A ɓangaren sabar kuma a gwada cewa idan lambar ta zo sau biyu, sau ɗaya ake rubutawa.

Mataki na 3: gwajin allo

Espresso, ko kayan gwajin Compose, suna danna maɓallai kamar mutum. Suna da nawa, kuma ɗan canji a allo kan karya su, don haka kada ka cika su. Hanyoyi uku ko huɗu sun isa: shiga, rubuta bashi, karɓar biya, duba saura. Umarninsu `./gradlew connectedDebugAndroidTest`, kuma wayar kwaikwayo ta cikin Android Studio ta wadatar.

Mataki na 4: wayoyi na gaske, da ainihin abin da za ka saki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada ginin `debug` a saki ginin `release`. Ba abu ɗaya ba ne. Idan ka kunna `isMinifyEnabled`, R8 zai gajarta sunaye, filin `amount` ya koma `a`. Gson da ke neman fili da sunansa ba zai same shi ba, sai allo ya nuna bashin kowa sifili ne, ba tare da manhajar ta faɗi ba. Ana magance shi da `@SerializedName` da dokokin `-keep` a cikin `proguard-rules.pro`, amma sai ka girka ginin `release` za ka san akwai matsalar.

Nemi waya uku aƙalla: ƙarama mai RAM na gigabait 2, irin Itel ko tsohuwar Tecno da ke hannun yawancin 'yan kasuwa; matsakaiciya; da mai sabon Android. Ƙaramar ce za ta fi faɗa maka gaskiya. Mai shago ya cika rabin fom, aka kira shi, ko ya leƙa WhatsApp. Wayar da ba ta da wuri sai ta kashe manhajarka a ɓoye. Don ka kwaikwayi haka, cika rabin fom, danna maɓallin gida, sannan ka rubuta:

```
adb shell am kill com.misali.bashi
```

Koma ta jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan. Idan fom ya dawo fanko, ko manhajar ta rufe, ba ka adana halin allon ba, duba `SavedStateHandle`.

Sai sabis. Mayar da wayar 2G idan tana bari, ka danna biya, ka kunna yanayin jirgin sama ana tsakiyar turawa, ka kashe, ka duba sau nawa biyan ya shiga. Lura da daskarewa: idan manhaja ta yi kusan daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba, Android zai fito da saƙon cewa ba ta amsawa, kuma galibi dalilin shi ne ana aiki mai nauyi a kan babban zare.

Ƙananan abubuwa uku kafin ka ajiye wayar. Ƙara girman rubutu zuwa ƙarshe, domin dattawa da yawa haka suke barin nasu, ka ga ko adadin kuɗi ya yanke. Hana izinin sanarwa, wanda tun daga Android 13 sai an roƙa. Sannan girka sabon gini a kan tsohon da ke ɗauke da bayanai, kada ka goge tukuna; idan ka canja tsarin teburin Room ba ka rubuta `Migration` ba, a nan manhajar za ta faɗi.

Mataki na 5: miƙa wa wasu

Ɗora ginin a Internal testing na Play Console, wanda ke ɗaukar mutum har 100. Girka shi daga Play ɗin kansa, domin Google na iya sa masa hannu da mabuɗin da ba naka ba. Idan ba ka yi rajistar SHA-1 na wannan mabuɗi ba, shiga da asusun Google zai daina aiki. Wanda ya buɗe asusun Play Console na mutum ɗaya bayan 13 ga Nuwamba 2023, sai ya yi Closed testing da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin saki. Ba wa masu shago na gaske, ka tsaya kana kallo, kada ka nuna musu inda za su danna.

Idan sabuntawa ce, sake ta ga kashi 5 ko 10 cikin ɗari tukuna, kana duba Android vitals, inda Google ya sa iyakar faɗuwa a kashi 1.09. Idan adadin ya fara hawa, dakatar da sakin. Sakin farko ba shi da wannan dama: duk wanda ke ƙasashen da ka zaɓa zai iya sauke ta nan take.