Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin faɗuwar biyan kuɗi ta waya

Sau nawa za a faɗa? Layi ɗaya a cikin teburin bayanan biya ba biya ɗaya ba ne, yunƙuri ɗaya ne. Amma kullum sai sabon shiga ya ƙirga layukan `FAILED`, ya raba da jimilla, ya taho da gudu yana cewa wani kamfanin biyan kuɗi ya lalace.

A ce tsakanin ƙarfe 8 da 9 na dare kamfani na farko yana da layi 1,000, kuma 300 sun faɗi. A ido kashi 30 cikin ɗari ke nan. To amma manhajarka tana sake turawa da kanta idan amsa ta yi jinkiri, mai biya shi ma yana ta dannawa. Da ka haɗa layukan bisa `order_id` sai ka tarar biya 760 ne kawai: 700 sun wuce, 60 suka faɗi har ƙarshe, wato kusan kashi 8. Kamfani na biyu, wanda ba a sake tura masa, ya faɗi 100 cikin 1,000, kashi 10. Ka ga wanda ka ɗora wa laifi shi ya fi aiki. Ni lissafi biyu nake ajiyewa gefe da gefe, na yunƙurin farko da na sakamakon ƙarshe, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce wahalar da mai biya yake sha.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi: zuba kowace irin faɗuwa a kwando ɗaya. Inda ake bin lambobin ISO 8583, wato ƙa'idar saƙonnin biyan kuɗi da kati, `51` na nufin kuɗi bai isa ba, `55` lambar sirri ce aka yi kuskure, `91` kuwa ɓangaren da ke riƙe da asusun ne ba a same shi ba. Biyun farko daga mai biya suke. Idan `91` ta yi tsalle a kamfani ɗaya, matsalar tasu ce. Idan jinkirin amsa ya tashi a duk kamfanonin a awa guda, duba sabarka ko dillalin da ke tsakani kafin ka kira kowa. Kowane kamfani da nasa lambobin, don haka sai ka fara daidaita su.

Kada ka saka `PENDING` cikin waɗanda suka faɗi sai an daidaita lissafi da kamfanin, don wasu kuɗin ya riga ya fita. Awa kuma ta lokacin fara biya ake ɗauka, ba ta kammalawa ba, sannan ka tabbatar ko agogon UTC ne, in ba haka ba cunkoson ya sauka a awar da ba tasa ba.

Ƙarfe 3 na dare biya 6, guda 2 sun faɗi, wai kashi 33? Ni awar da ba ta kai biya 100 ba, sai na tara ta na mako huɗu kafin in kalle ta.