Kurakuran da ke lalata wake da garin yaji bayan an ƙulle su

A daminar farko da na fara sayar da garin yaji a shaguna, na daka kwano shida na barkono da citta da masoro a cikin watan Agusta, na zuba a farar leda irin wadda ake ƙulla sukari, na rarraba wa masu shago uku a unguwarmu. Kwana goma sha biyu aka yi, ɗaya daga cikinsu ya aiko yaronsa da kwalin gaba ɗaya. Ya ce, "Hajiya, wai a duba, ya dunƙule." Na matsa ƙulli ɗaya da yatsa, sai na ji shi kamar curin ƙasa. Jan ya koma ruwan ƙasa, a gindin wasu ledojin har farin hunhuna ya fara fitowa. Ranar na zargi leda, kuma tana da nata laifin, amma rabin laifin nawa ne, domin tun kafin in ƙulle garin akwai danshi a jikinsa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, a wurin mai yaji da mai hatsi duka. Mazubi ba ya busar da kaya, abin da ka rufe a ciki shi yake riƙe maka. Idan ka rufe busasshe zai tsare shi daga danshin waje, idan kuwa ka rufe mai laima to ka gina wa hunhuna ɗaki ne, kuma mazubin da ya fi kyau shi zai fi saurin ruɓar da kayan, tunda danshin ba shi da hanyar fita. Masara da wake ana so danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka kafin a rufe, barkono da citta kuwa wajen kashi 10. Yawancinmu ba mu da na'urar aunawa, amma akwai gwajin gishiri. Ka samu kwalba busasshiya sarai, ka zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na gishirin da ka shanya ko ka soya shi a kasko ya huce. Ka rufe, ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye kamar minti goma sha biyar, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Barkono kuwa a hannu ake gane shi: wanda ya bushe yana karyewa ƙas, 'ya'yan suna kaɗawa a ciki in ka girgiza. Wanda ya lanƙwashe kamar fata bai isa daka ba. Hunhunar da ke kama barkono da masara da gyada wani lokaci tana barin gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Saboda haka garin da ya yi hunhuna zubarwa ake yi, kada a sake shanya shi a gauraya da sabo.

Akwai wani abu kusa da wannan da ya daɗe yana cuta ta ban gane ba. Garin da aka ɗauko daga injin niƙa da zafinsa yake zuwa. In ka ƙulle shi nan take, zafin zai yi gumi a jikin leda ta ciki, gumin ya koma cikin garin. Haka hatsin da aka kwashe daga shanya da tsakar rana. Yanzu in an kawo min niƙa, a faffaɗan faranti nake baza shi a ɗaki, in rufe da ƙyalle mai tsabta, sai na tura hannu can tsakiya na ji ya huce sarai sannan in fara ƙulli. A marka kuma ba na barin sa ya kwana a buɗe, don gari yana shan danshin iska fiye da barkonon da ba a daka ba.

Sai ita ledar kanta. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda leda tana riƙe ruwa, to ba abin da ke ratsa ta. Siririyar leda tana riƙe ruwa, amma danshin iska yana ratsa ta sannu a hankali, ƙamshi kuma yana fita ta cikinta. Shiga shagon da aka rataye ƙullin kanumfari ko kimba, tun daga bakin ƙofa za ka ji ƙamshin. Wannan ƙamshin da ka shaƙa shi ne abin da mai saye zai biya kuɗi dominsa, ga shi yana tafiya a iska. In kayan da za su ƙare cikin kwana uku ne a lokacin hunturu, siririyar leda ta wadatar, ba sai ka kashe kuɗi ba. Amma kayan da za su yi wata biyu ko uku a kan kanta, musamman da damina, suna buƙatar leda mai kauri da ake liƙewa da inji, ko ma wadda aka yi wa rufi mai launin azurfa ta ciki irin ta madarar gari. Wannan mai azurfar tana tare danshi da ƙamshi da haske gaba ɗaya. Hasken yana da muhimmanci ga barkono da tattasai, don rana ce ke kashe musu ja. Na san mai saye yana son ya ga abin da zai saya, don haka nake ajiye roba ɗaya mai haske a matsayin samfur, sauran kuma a rufe. Yajin da aka haɗa da ƙuli-ƙuli ya fi kowanne rashin haƙuri, saboda man gyadan da ke ciki yana canza wari in iska da zafi sun daɗe suna taɓa shi. Shi kam kaɗan-kaɗan ake yi, ko da wace irin leda aka samu.

Leda mai kyau ma ba ta da amfani in bakin bai liƙu ba. Garin da ya maƙale a inda inji zai dafe shi ne ke barin 'yar ƙaramar hanya da ido ba ya gani. Kada ka cika leda har baki, ka bar kamar faɗin yatsu biyu, ka goge cikin bakin da busasshen ƙyalle kafin ka dafe. A cikin kowane ƙulli hamsin nakan ɗauki biyu in nutsa su a bokitin ruwa in matsa a hankali. In kumfa ta fito, ko dai injin bai yi zafi sosai ba, ko gari ya shiga layin liƙin. Liƙi da kyandir yana ƙona wani wuri ya bar wani, ga baƙin hayaƙi a jikin kaya, ni na daina shi.

A ɓangaren wake, kuskuren daban ne. Mutum zai tsince wakensa tas, bai ga ƙwaro ko ɗaya ba, ya zuba a sabon buhu ya ɗinke, bayan wata biyu ya buɗe ya tarar da huji ko'ina da gari a gindi, sai ya ce ƙwari sun shigo. Ba daga waje suka shigo ba. Tun a gona ƙwaron yake saka ƙwai, tsutsar tana cikin ƙwayar waken tana ci, kuma a lokacin zafi cikin kamar wata guda sabon zubi ya fito ya sake saka nasa ƙwan. Buhun saƙa, ko na roba ko na algarara, iska tana ratsa shi ta ko'ina, don haka ƙwarin suna numfashi yadda suke so. Maganin shi ne a hana su iska, kuma dalilin buhun PICS ke nan, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa tare da abokan aikinsu a Marwa ta arewacin Kamaru, aka kuma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa daga waje. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke cinye 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Amma na sha ganin an sayi buhun an ɓata shi wajen amfani. Wani ya haɗa bakin ukun ya ɗaure da igiya ɗaya. Kowanne daban ake ɗaurewa: a girgiza waken ya zauna, a matse iskar da ke saman ledar ciki, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi, a ɗaure tam, sannan a yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kafin a zuba komai a hura wa kowace leda iska a matsa a ji ko tana da huji, musamman in an taɓa amfani da ita bara. A tsince tsinke da tsakuwa mai kaifi daga waken. Babban abin da ke kashe buhun a kasuwa shi ne ƙarfen nan da ake soka wa buhu don a zaro samfur. Suka ɗaya ta isa ta mayar da shi buhun banza, saboda haka ka ware samfurinka a kwano ka hana a soka. Kuma ba buhun awo ba ne. In kana buɗe shi kullum kana ɗiban mudu biyu, kullum kana sabunta wa ƙwari iska. Wanda za ka sayar a makon nan ka juye shi a buhun yau da kullum, na ajiya ka bar shi a rufe.

Ga mai ƙaramin jari, jarka mai lita 25 tana yin wannan aikin, tana cin wake kusan kilo 20. Sharaɗin shi ne ta abinci ce, kamar ta man girki, an wanke ta ta bushe ƙarau, an cika ta har wuya ana bubbugawa, an sa leda a ƙarƙashin murfi an ɗaure. Jarkar da aka cika rabi ta bar wa ƙwari iskar da za su daɗe suna ɓarna. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kada ta kusanci abinci ko an wanke ta sau goma.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu yayyafa fiya-fiya a wake don su huta da sayen mazubi. Maganin dikulobos da ke cikinsa ba na zubawa a abinci ba ne, kuma shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da Turawa suka ƙi, yaranmu ne suke cin irinsa a ƙosai da alala. In ka sayi wake a Dawanau ko wata kasuwa don ka ƙulla a ƙananan ledoji, ka tura hannu tsakiyar buhu ka shinshina. In ka ji warin magani ka bar shi, domin liƙe shi a leda riƙe warin da gubar zai yi har gidan mai saye.

Inda aka jingine kayan ma yana cikin lissafi. Siminti yana tsotso danshi da damina ko da ka gan shi a bushe, ɓera kuma ba ruwansa da kaurin leda. A ɗora buhuna a kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango yadda za ka iya leƙawa ka share, ƙananan ƙullin yaji kuma a zuba su a babbar roba mai murfi, a riƙa fitar da na kwana biyu ko uku kawai zuwa kan kanta.