Kurakuran da masu kiwon kaji ke yi a wasiƙar neman rancen gina ɗakin kajin ƙwai

Kuskuren farko shi ne buɗe wasiƙa da dogon yabo da koke-koke, a ƙare da "ina roƙon a taimaka mini in faɗaɗa gonata". Ma'aikacin banki lissafi yake nema. Sakin layi na farko ya faɗi adadin kuɗin, da abin da za a gina, da tsawon lokacin biya.

Sai girman ɗakin. Wasu kan ce za su zuba kaji 2,000 a ɗakin da bai fi ƙarfin 1,000 ba. Idan kiwon ƙasa ne, a kan ɗiɗɗigar katako ko buntun shinkafa, a lissafa kaji biyar zuwa shida a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai faɗin mita 8 da tsawon mita 25 kaji 1,000 zai ɗauka cikin walwala. A rubuta haka, a ce tsawonsa zai miƙe daga gabas zuwa yamma saboda rana, a haɗa da takardar farashi daga magini: bulo, kwano, raga, katako, kuɗin aiki.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne neman kuɗin gini kaɗai. Ɗaki ba ya yin ƙwai. 'Yar tsakuwa sai ta kai mako 18 zuwa 20 kafin ta fara saka ƙwai, kuma kafin nan ta ci kusan kilo 7 zuwa 8 na abinci. Ga kaji 1,000, buhu 300 ke nan mai kilo 25, ban da rigakafi da gawayin ɗumama. Ƙara wata biyu na gini, wata bakwai sun tafi ko sisi bai shigo ba. Wanda ya amince ya fara biya bayan wata ɗaya, da kuɗin abincin tsofaffin kajinsa zai biya, su ma ƙwansu ya faɗi. Don haka wasiƙar ta nemi a ɗaga fara biya zuwa wata takwas, ta kuma faɗi inda kuɗin 'yan tsaki da abinci zai fito.

A lissafin kuɗin shiga ma akan cika baki. Kaji 1,000 ba sa ba da ƙwai 1,000 kullum. A ɗora a kan 800, wato kiret 26 da 'yan kai, a cire buhu biyar na abincin yini, a kuma rage don zafin Maris zuwa Mayu da mace-mace. Jami'in da ya san noma yana ganin ɗari bisa ɗari zai ajiye takardar.

Kada a ce "gonata ce jingina" alhali fili ba takardar mallaka. A haɗa bayanin asusun banki na wata shida zuwa shekara, da littafin ƙwai na kullum, da rajistar kasuwanci ta hukumar CAC in akwai. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuwa, ya rubuta wa bankin Musulunci irin Jaiz, ya jero kayan ginin da yake so su saya su sayar masa ta murabaha.